Karatu Tsakanin Ɗauke Wuta da Yankewar Intanet: Yadda Tanadi da Tsayayyen Lokaci Ke Ceto Ɗalibi

A unguwannin da ɗalibai suka fi kama haya a kewayen manyan makarantu, kamar Samaru a Zariya, ko Kabuga da Rijiyar Zaki a Kano, dawowar wuta abu ne da ke tayar da mai barci. Ko da ƙarfe biyun dare aka kawo ta, za a ji ana buɗe ƙofofi, kowa na laluben caja, soket ɗaya kuma ya ɗauki wayoyi biyar da kwamfuta biyu.

Kafin a yi nisa sai a sake ɗauke ta. Wanda ya fara sauke littafi sai ya tarar ya tsaya a rabi, wanda kuma ya jinkirta rubutun aikinsa har sai an kawo wuta ya wayi gari ba barci, ba aiki.

Rashin wutar kansa ba shi ne ya fi yi wa karatu ɓarna ba. Abin da ya fi ɓarna shi ne rashin sanin lokacin da za ta zo. Ɗalibin da ya jingina karatunsa da zuwanta ya miƙa ragamar jadawalinsa ga abin da ba shi da jadawali. Shi ya sa waɗanda suka daɗe suna fama da lamarin suka tsaya a kan dabaru biyu: tara kayan karatu a inda ba sai da intanet za a buɗe su ba, da kafa lokutan aiki waɗanda ba sa motsi ko da wuta ko babu.

Asalin matsalar

Tashoshin samar da lantarki na Najeriya, idan aka haɗa ƙarfinsu a takarda, sun kai wajen megawat 13,000. Amma abin da ke isa ga jama'a a yawancin ranaku bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ƙarancin iskar gas a tashoshi, tsufan manyan layuka da basussukan da suka dabaibaye harkar duk suna da hannu a ciki.

Tun bayan sayar da ɓangaren rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, kamfanoni ne ke raba ta yanki-yanki. An kuma kasa masu amfani da ita gida biyar, daga A zuwa E. Rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla sa'o'i 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A watan Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A ya ninka fiye da sau uku, abin da ya jefa jami'o'i da dama cikin wahalar biya, wasu suka koma rage sa'o'in ba da wuta a ɗakunan kwanan ɗalibai.

Arewa tana da nata ƙarin rauni, domin manyan layukan da ke kawo mata wuta kaɗan ne, kuma suna ratsa dazuzzuka masu hatsari. A watan Oktoban 2024, lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir ta bar jihohin Arewa da dama cikin duhu fiye da mako guda. Maiduguri kuwa ta daɗe babu wutar gwamnati bayan an tarwatsa turakun layin Damaturu a farkon 2021. A Nijar ma, yanke wutar da Najeriya ke tura mata bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya shafi birane irin su Yamai da Maraɗi na tsawon watanni.

Janareta, wanda a da shi ne madogara, ya fi ƙarfin ɗalibi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Intanet ita ma ba ta tsira ba. Turakun sadarwa da dizal da batir suke aiki, don haka matsalar makamashi tana taɓa su kai tsaye. Ana yawan tsinka wayoyin ƙarƙashin ƙasa wajen aikin titi. A watan Maris na 2024, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta raunana sadarwa a ƙasashe da dama na kwanaki. A 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda dalilan tsaro. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Duk wannan na faruwa ne a daidai lokacin da karatu ke ƙaura zuwa na'ura. Tun 2015 ake rubuta jarrabawar JAMB kacokan a kwamfuta, rajistar kwasa-kwasai ta koma intanet, malamai da yawa kuma ta WhatsApp suke tura handawut.

Raba aiki gida uku

Matakin farko na kowane tsari mai ɗorewa shi ne ɗalibi ya zauna ya lissafa ayyukan da ke gabansa, ya tambayi kansa abin da kowane ɗaya yake buƙata. Idan aka yi haka, ayyukan karatu kan rabu gida uku.

Gida na farko shi ne aikin da ba ya bukatar wuta ko intanet: karanta littafi ko takardun da aka buga, warware lissafi, hadda, amsa tambayoyin jarrabawar baya, da rubuta daftari da biro. Gida na biyu shi ne wanda ke bukatar batir kawai: buga rubutu a kwamfuta, karanta PDF, kallon laccar da aka riga aka sauke, shigar da alƙaluman bincike. Gida na uku shi ne wanda sai da intanet: neman maƙaloli, sauke su, tura aiki ga malami, rajista da biyan kuɗi.

Duk wanda ya yi wannan lissafi da gaskiya zai ga cewa gida na uku ne mafi ƙanƙanta. A mako guda na karatun digiri, aikin da lallai sai da intanet da wuya ya wuce sa'o'i biyu zuwa uku, in an tattara shi wuri ɗaya. Abin da ke sa ya zama kamar ya mamaye komai shi ne yadda ake yayyafa shi cikin sauran ayyuka. Mutum na tsakar karatu sai ya ci karo da kalmar da bai sani ba, ya ɗauki waya, sabis ya ƙi, ya yi ta jira, daga nan kuma ya faɗa saƙonni.

Maganin wannan takarda ce guda da ake ajiyewa a gefen littafi. Duk abin da ya taso mai bukatar bincike sai a rubuta shi a kai, a ci gaba da karatu. Idan ranar intanet ta zo, wannan takardar ce za ta ja ragamar abin da za a nema.

Tanadin kayan karatu

A unguwar da famfo ke zuwa sau biyu a mako, ba a jiran sai an ji ƙishi kafin a tara ruwa. Da zarar ya zo ake cika randuna da jarkoki. Haka ake yi da intanet. Ana ware mata rana ko biyu a mako, a wurin da ta fi ƙarfi, ko a harabar makaranta, ko a cikin dare lokacin da kamfanoni ke sayar da data da rahusa kuma cunkoso ya ragu.

Sanin nauyin kowane abu yana taimakawa wajen zaɓe. Maƙalar bincike ta PDF takan kasance megabait ɗaya zuwa uku. Cikakken littafin karatu yakan kai megabait 10 zuwa 30. Bidiyon lacca na sa'a guda a ƙaramin inganci, wato 360p, yakan ci wajen megabait 250 zuwa 300, a 720p kuma ya doshi gigabait ɗaya. Ke nan datar da za ta sauke laccar sa'a guda mai kyan hoto za ta iya sauke littattafai talatin ko fiye. Saboda haka rubutu ake fara saukewa, bidiyo kuma sai ga darasin da ba a gane shi sai an gani, kamar matakan warware lissafi ko aikin ɗakin gwaji.

Akwai majiyoyi na kyauta da aka san su. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Najeriya tana sanya littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kowa na iya saukewa. OpenStax tana da littattafan kimiyya, lissafi da tattalin arziki na matakin shiga jami'a. Manhajar Kiwix tana ba mutum damar ajiye Wikipedia a waya ko kwamfuta, har da ta Hausa da wani sashe na musamman kan likitanci, ya bincika ba tare da sabis ba. Kolibri kuma an gina ta ne domin makarantun da ba su da intanet, kwamfuta ɗaya ta riƙa raba darussa ga sauran na'urori a cikin aji.

Tunanin ba baƙo ba ne a nan. Ɗakin karatu na eGranary, wanda ke tara miliyoyin takardu a cikin ma'ajiyar kwamfuta guda domin makarantu marasa intanet, ya samo asali ne daga wahalar sadarwa da aka gani a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990.

Shafin intanet da ake son ajiyewa, a kwamfuta ana danna Ctrl+P a zaɓi Save as PDF. Mai rubuta furojek kuma zai amfana da Zotero, wadda ke ajiye maƙala tare da sunan marubuci, shekara da mujalla, ta kuma jera manazarta ba tare da intanet ba.

Kayan da aka tara ba su da amfani idan ba a iya gano su. Kowane kwas ya samu jakarsa, kowane fayil kuma a sa masa suna mai ma'ana, misali sunan marubuci da shekara da batu. Ɗalibai biyar 'yan aji ɗaya na iya raba aikin saukewa a tsakaninsu, sannan su tura wa juna ta Xender ko filash, kowa ya biya kashi ɗaya cikin biyar na data.

Inda tanadi ke cin amanar mai shi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar adireshi a matsayin fayil. Mutum ya ga sunan littafi a wayarsa ya ɗauka yana ciki, alhali yana can a ma'ajiyar intanet. A Google Drive sai an zaɓi Make available offline, a OneDrive kuma Always keep on this device, kafin fayil ya sauka da gaske. Haka takardar da aka turo ta WhatsApp: in ba a danna ta sauka ba, sunanta kawai ake gani.

Gwajin abu ne mai sauƙi. Kafin a bar wurin da sabis yake, a kashe data gaba ɗaya, a buɗe kowane fayil, a gangara har shafinsa na ƙarshe. Wanda ya yanke a hanya ko dai ya ƙi buɗewa, ko ya nuna fararen shafuka daga tsakiya. Minti biyar na wannan dubawa yana hana asarar mako.

Matsala ta biyu ita ce ajiya a wuri ɗaya. Waya na faɗawa ruwa, ana sace kwamfuta, filash na mutuwa ba sallama. Aikin da mutum ya rubuta da kansa ya kamata ya kasance a wurare uku: kwamfuta, filash ko waya, da kuma imel ɗin da yake tura wa kansa duk ranar intanet. Filash ɗin da ake kaiwa shagon buga takardu ya zama daban, domin kwamfutocin irin waɗannan shaguna kan ɗauki cutar da ke ɓoye jakunkuna ta maye gurbinsu da na bogi. Ana tura wa mai shago PDF ɗin da za a buga kawai.

Ta uku ita ce ɗauke wuta ana tsakar rubutu, musamman a kwamfutar tebur ko laftof mai mataccen batir. Word yana ajiye kwafin ceto ne duk bayan minti goma in ba a canza ba, kuma ana iya rage shi zuwa biyu. Duk da haka, ba abin da ya kai sabawa da danna Ctrl+S a ƙarshen kowane sakin layi.

Lissafin batir

Ɗalibi ba zai iya tsara aikin batir ba sai ya san abin da ke hannunsa. Batirin waya mai 5000 mAh yana ɗauke da wajen 19 Wh na makamashi. Fawabank mai 20000 mAh yana da wajen 74 Wh a rubuce, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na salwanta wajen juya wutar da kuma zafi. Abin da ke isa waya bai fi caji biyu da rabi ba. Wanda ya raba 20,000 da 5,000 ya sa ran caji huɗu zai sha mamaki a daren da ya fi bukata.

Na jabu sun cika kasuwa. Na gaske mai wannan girma yakan kai nauyin giram 350 zuwa 450. Wanda aka ɗaga aka ji shi sakayau, ko wanda ya cika cikin sa'a ɗaya da ƙaramar caja, adadin da ke jikinsa ƙarya ne.

Yawancin kwamfutocin ɗalibai na hannu ne, batirinsu ya riga ya sha aiki. A Windows ana iya sanin gaskiyar lafiyarsa da wannan umarni:

```
powercfg /batteryreport
```

Rahoton zai nuna Design capacity, wato ƙarfinsa yana sabo, da Full charge capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun ya koma 28 Wh, kwamfutar kuma tana cin wajen wat 10 a aikin rubutu, sa'o'i biyu da rabi ne tabbas a hannu. Rage hasken fuskar kwamfuta, kashe Wi-Fi da rufe burauza su ne ke tsawaita shi.

Idan aka kawo wuta, akwai jerin da ya dace a bi. Fawabank ake fara jonawa domin shi ya fi daɗewa: sa'o'i takwas ko fiye da ƙaramar caja, wajen biyar da mai sauri. Sai kwamfuta, wadda kan cika cikin sa'o'i biyu, sai fitila, sai waya a ƙarshe, tunda ita ana iya ba ta daga fawabank ko a kai ta shagon caji. Yana da kyau a ɗan dakata na 'yan mintuna bayan dawowar wuta, saboda takan zo da ƙarfin da ke ƙona caja.

Ƙaramin faifan sola mai wat 20 yakan ba da wajen 60 zuwa 70 Wh a rana mai haske, wanda ya ishi waya da fitila. A lokacin hunturu ƙura na rage masa ƙarfi, sai an riƙa goge shi. Batirin da ake cajin kuma a ajiye shi a inuwa, domin zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, yana tsufar da shi da wuri.

Lokacin da ba ya motsi

Tanadi rabin aiki ne. Ɗayan rabin shi ne tsayayyen lokaci, kuma ana ɗora shi ne a kan abin da ba ya saɓa alkawari: hasken rana da lokutan salla. Makarantun allo sun daɗe a kan wannan tsari, da zaman safe, na yamma da na dare, kowane da irin aikinsa, ba tare da jiran wuta ba.

Daga bayan Asuba zuwa hantsi shi ne lokaci mafi daraja. Gari da sanyi, kai a sake, haske kyauta. Nan ake sa aikin gida na farko mafi wuya. Tsakanin Azahar da La'asar, musamman da bazara, jiki kan mutu, don haka ya fi dacewa da aiki mara nauyi kamar bita da shirya takardu. Bayan Isha'i kuma lokacin batir ne, domin fuskar kwamfuta ba ta bukatar hasken ɗaki sosai.

Kowane zama yana da farko da ƙarshe da aiki takamaimai da aka rubuta tun daren jiya. "Karanta kimiyyar sinadarai" ba aiki ba ne. "Amsa tambayoyi 20 na babi na huɗu" shi ne aiki. Zaman sa'o'i biyu ana raba shi biyu, minti 50 na aiki da goma na hutu, waya kuma a kashe mata data.

Ƙa'idar da ta fi wuya ita ce ta rashin barin wuta ta rusa jadawali. Idan ta zo ana tsakar zaman safe, a tashi a jona kaya a dawo kan littafi. Idan ta zo ƙarfe biyun dare, a jona a koma barci. Zuwan wuta lokacin caji ne; lokacin karatu an riga an yanke shi.

Akwai hujjar ilimi a bayan wannan. Tun gwaje-gwajen Hermann Ebbinghaus da aka wallafa a 1885 aka san cewa abin da aka maimaita a rarrabe cikin kwanaki ya fi zama a kai fiye da wanda aka cusa a zama guda. Barci kuma yana cikin abubuwan da ke tabbatar da abin da aka koya. Kwanan zaune saboda an kawo wuta yana cin ribar gobe.

Misali: babi na biyu cikin mako biyu

A ɗauki ɗalibar ajin ƙarshe da ke zaune a wajen makaranta, wadda malaminta ya ba ta mako biyu ta kawo babin bitar ayyukan da suka gabata, shafi 15, wajen kalmomi 4,500. Tana da waya, fawabank, fitila mai caji da kwamfutar da ke riƙe sa'o'i biyu da rabi. A lissafin da ta yi a bayan littafinta na mako biyu, wuta ta fi zuwa unguwarsu tsakanin tsakar dare da Asuba, wasu kwanaki kuma ba ta zuwa sam.

Ranar Asabar ta farko ta tafi makaranta da jerin batutuwan da za ta nema. Cikin sa'o'i uku ta sauke maƙaloli 25 da littattafai uku, duka bai kai megabait 150 ba, ta shigar da su Zotero, ta gwada kowane da data a kashe. Maƙaloli shida da suka fi muhimmanci ta buga su a takarda, shafi biyu a fuska ɗaya don rage kuɗi.

Kwana uku na farko na karatu ne. Da safe, daga ƙarfe shida zuwa takwas, tana karanta na takarda, tana rubuta wa kowace maƙala taƙaitawa ta rabin shafi: me aka bincika, a ina, me aka gano, a wane shafi. Da dare tana karanta sauran a waya, wadda ba ta cin wuta kamar kwamfuta.

Daga rana ta huɗu rubutu ya fara. Kowace safiya kalmomi 500 da biro. Kowane dare minti 40 zuwa sa'a guda na bugawa da gyara. Tunda tunanin an riga an yi shi a takarda, kwamfutar ba ta zama a kunne ana kallonta, caji ɗaya kuma yana kai ta dare biyu zuwa uku. Ko an yi kwana biyu babu wuta, aikin bai tsaya ba.

Asabar ta biyu ta koma makaranta da takardar tambayoyin da suka taru, ta cike giɓi, ta tura wa kanta kwafi. Kwana tara na rubutu sun ba ta kalmomi 4,500, da sauran kwana ɗaya na gyara. Ta tura aikin kwana guda kafin wa'adi, domin ranar ƙarshe ce ranar da kowa ke rububi kuma sabis ya fi yin gardama.

Ra'ayoyi mabambanta

Ba kowa ne ya gamsu da wannan tsari ba. Wasu ɗalibai na ganin cewa ɗora wa ɗalibi nauyin tsari tamkar wanke hukuma ne daga laifi, domin ba shi ya kamata ya riƙa lissafin batir ba. Suna da gaskiya, kuma akwai ayyukan da tanadi ba ya maganinsu: lacca kai tsaye ta intanet, gwajin da ake yi cikin ƙayyadadden lokaci, da manhajojin injiniya ko zane waɗanda ke cinye batir cikin ƙasa da sa'a.

Akwai kuma bambancin hali. 'Ya mace da ke gidan iyaye ko gidan aure sau da yawa safiyarta ta shara da girki da shirya yara ce, fita da dare neman wuta kuma ba ta taso ba. Mai sana'a yana kasuwa da rana. Irin waɗannan sai sun nemi nasu lokacin, su kuma samu amincewar mutanen gida cewa wannan sa'a ta karatu ce. Da azumi ma jadawalin kan juya, zaman bayan sahur ya ɗauki nauyin sauran.

Ma'aikatan ɗakunan karatu suna nuni da cewa ɗalibai da yawa na kashe kuɗin data a kan abin da ke kan kanta kyauta, a wurare irin su Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu malamai kuma na kukan cewa tara fayiloli ya zama madadin karanta su: waya cike da littattafai ɗari, ba a buɗe ko biyar ba.

A ɓangaren hukuma an yi yunƙuri. A 2019 an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta. Sai dai irin wannan yana tsayawa ne a harabar makaranta, alhali ɗalibai masu yawa a cikin gari suke kwana.

Akwai abin da makarantu za su iya ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Malami ya bayar da dukkan kayan kwas a makon farko, cikin ƙananan fayiloli, maimakon ɗigo-ɗigo da tsakar dare. Laccar da aka yi ta intanet a naɗe ta a matsayin murya, wadda ba ta kai nauyin bidiyo ba ko kusa. Wa'adin miƙa aiki ya zama na kwanaki, ba na sa'o'i ba. Sashe kuma ya ware ɗaki ɗaya mai sola da soket da yawa, a buɗe shi a sanannen lokaci.

Gyaran wutar ƙasa aiki ne na shekaru, zangon karatu kuwa wata huɗu ne. Ɗalibin da ya san aikin da ke bukatar wuta da wanda ba ya bukata, ya tara kayansa ya tabbatar suna buɗewa, ya kuma riƙe sa'o'i huɗu a rana waɗanda ba ya ɗagawa, yana samun sama da sa'o'i 20 na karatu mai kyau a mako, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba.